Fuska Ba Takardar Haihuwa Ba Ce

A kasuwar shanu ta Sheme da ke ƙaramar hukumar Faskari, dillalin da ya san aikinsa ba ya yanke wa sa shekaru daga nesa. Sai ya kama shi, ya buɗe bakinsa, ya duba haƙoran gaba na ƙasa, ya ga nawa ya famfare. Ya san girman jiki na iya zama aikin dusa da harawa. Mu kuwa da an miƙo mana hoto a waya, nan take za ka ji an ce, "Wannan ai bai wuce sha huɗu ba."

A watan Nuwamba na 2022 hukumar zaɓe ta INEC ta baje rajistar masu zaɓe a mazaɓu da kuma intanet, domin jama'a su duba su kai ƙorafi. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, su ma an baje tasu. A faɗin ƙasa aka yi ta yaɗa hotunan waɗanda aka ce ƙananan yara ne. Wasu ba sa buƙatar gardama, don ɗan shekara takwas ba ya ɓuya. Matsalar tana kan samari da 'yan matan da ke kusa da shekara 18, iyakar da doka ta sa.

An auna kuskuren ido a kan wannan. A 2018 masu bincike a Ostareliya sun nuna wa mutane hotunan fasfo kusan dubu huɗu, waɗanda aka san ainihin shekarun masu su. Matsakaicin kuskuren ya kai wajen shekara takwas. Sun kuma lura ana ƙara wa yara shekaru, ana rage wa tsofaffi, sannan fuskar da mutum ya gani yanzu tana jan hukuncinsa kan ta gaba. Wanda ya gama kallon hotunan dattawa a jere, zai iya ƙara wa saurayin da ya biyo baya shekaru.

Na'ura ta fi ido, amma ba ta kuɓuta ba. Hukumar awo ta Amurka, NIST, ta gwada manhajojin ƙiyasin shekaru a 2024 da hotunan biza, ta samu kuskuren ya sauko zuwa shekara 3.1 daga 4.3 a 2014. Waɗannan fa hotuna ne masu haske sosai, fuska na kallon gaba. Ba irin wanda aka ɗauka a rumfa da tsakar rana ba, inuwar hula ta rufe goshi, aka buga shi ɗan mitsitsi a takarda.

A ce ga hoton wani yaro daga Sabuwa a rajista: siriri, babu gemu, kumatu a cike. Mutum uku suka duba, ɗaya ya ce 14, ɗaya 16, ɗaya 17. A ɗauki 16. Ko da kuskuren shekara uku kacal aka ba su, irin na na'ura, amsar gaskiya ita ce tsakanin 13 da 19. Shekara 18 tana cikin wannan tazarar, don haka hoton bai raba gardama ba. Kuma matsakaici ake magana: wasu fuskokin kuskurensu ya fi haka nesa.

A yankinmu akwai ƙarin dalili. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Katsina 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da ya tashi haka yakan makara wajen balaga, sai ya kai 18 da fuskar ɗan 15. Wani tsaransa kuma, ranar gona da wahala sun sa ana yi masa kallon magidanci. Ko murmushi yana sa a ƙara wa mutum shekaru, saboda tattarewar fatar gefen ido.

Abin da ya dace mai duba hoto ya furta shi ne tazara: "tsakanin kaza da kaza." In tazarar duk tana ƙasa da 18, ƙorafi ya yi ƙarfi. In ta ratsa 18, sai a nemi takardar haihuwa, ko katin rigakafi, ko rajistar firamare. In babu, a tambayi uwa da tsararrakinsa. Uwar da ta ce ta haife shi shekarar da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bar gwamnan Katsina ya zama shugaban ƙasa, ta ce 2007 ke nan, wato shekararsa 15 a 2022. Kuskuren irin wannan lissafi watanni ne, na fuska kuwa shekaru.