Ko Biyan Bashi Yana Zama Zalunci?

A ce wani kamfanin casar shinkafa a Kura ya hango karyewa tafe. Sai shugabansa ya sayar wa ƙanensa injin naira miliyan 10 a kan miliyan 2, ya biya surukinsa bashi, ya bar manoman Bunkure ba ko sisi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda wanda aka naɗa don rabon dukiyar kamfanin ya kai ƙara, kotu ta warware cinikin injin. Wannan ba gardama, kyauta ce da kayan mutane.

Zancen surukin ne mai wuya, gama bashinsa na gaskiya ne. Amma in cikin wata 3 kafin rushewa aka fifita shi da gangan, sai ya mayar da kuɗin, a raba da shi da manoman, kowa gwargwadon bashinsa.