Yaron da Aka Rena a Matsayin Yarinya

A 1965 aka haifi tagwaye maza a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada. Kafin su cika shekara guda, aka yi wa ɗayansu kaciya da na'ura mai aiki da lantarki, ta ƙone masa mazakuta ƙurmus. Iyayen suka kai kukansu ga John Money, masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Johns Hopkins, wanda yake ganin cewa jariri ba ya zuwa duniya da sanin shi namiji ne ko mace, reno ne ke cusa masa. Bisa shawararsa aka cire wa yaron maraina yana ɗan wata 22, aka raɗa masa suna Brenda, aka rene shi a matsayin yarinya.

Ga mai bincike, wannan faɗuwa ce ta zo daidai da zama: tagwaye masu asalin halitta ɗaya, gida ɗaya, reno daban. A littafinsa na 1972 Money ya ce gwajin ya yi nasara, kuma masu ra'ayin cewa al'umma ce ke ƙera jinsi suka riƙe shi hujja.

Amma Brenda ba ta taɓa amincewa ba. Ta ƙi rigunan mata, ta ƙi wasanninsu. Da aka faɗa mata gaskiya tana da shekara 14, sai ta koma namiji, da sunan David Reimer. Sai a 1997 Milton Diamond da Keith Sigmundson suka bayyana wa duniya haka. David ya kashe kansa a 2004.

Nan take masu cewa jinsi halitta ne suka ce magana ta ƙare. A ganina sun yi gaggawa. Mutum ɗaya ne tak, ya yi kusan shekara biyu ana renonsa a matsayin namiji, iyayensa kuma sun san sirrin. Wa zai rantse cewa bai ga alama a fuskarsu ba? Duk da haka, labarin ya raunana iƙirarin cewa reno kaɗai yana iya sauya abin da mutum yake ji game da kansa.

Sai dai ba wannan ne ainihin iƙirarin Simone de Beauvoir a 1949 ba. Ita tana magana ne a kan abin da al'umma ke ɗora wa mace: aikinta, muryarta, iyakar burinta. Hausa da kalma guda, jinsi, take ɗaukar waɗannan ma'anoni, shi ya sa muke saurin cakuɗa su. A Turai an daɗe ana ɗaukar aikin allura na mata ne, alhali a Kano da Zariya maza ne suka shahara da yi wa babbar riga aska takwas. Da a nan David ya tashi, da ya iya riƙe allura ba tare da kowa ya yi shakkar mazantakarsa ba.