Ranar da Gani Ya Koma Ji

Hoton kakana guda ɗaya ne a duniya. An ɗauke shi a Sabon Birni tun kafin a haife ni, ɗan ƙarami ne irin na fasfo, kuma damina da ƙura sun ci rabinsu a jikinsa. Bara wani ɗan yayana da ke karatu a Sakkwato ya ɗauki hoton da wayarsa, ya zuba shi a cikin wata manhaja mai gyaran tsofaffin hotuna. Kafin a ƙifta ido sai ga dattijo ya fito fes, ƙwayar idonsa na ƙyalli, ana iya ƙirga gashin gemunsa. Muka yi ta murna, muka kai wa gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mana wayar ta ce, "Wannan bawan Allah kyakkyawa ne, amma ba Baba ba ne. Ina tsagensa?"

Kakana Bagobiri ne, da tsage shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Mutumin da manhajar ta ba mu kumatunsa sumul suke. Tun daga ranar nake tambayar kaina: idan na'ura ta cike gurbin abin da ba ta sani ba da abin da ya yi kama da gaskiya, me ya kamata mu kira aikinta, kuma wa zai ɗauki alhakin abin da ya biyo baya?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a fahimci yadda abin yake aiki. Hoton waya tarin ɗigogi ne, kowane ɗigo lamba ce da ke nuna haske ko duhun wurin. A ce an ɗauki mutum daga nesa, fuskarsa ta cika ɗigo 16 a tsaye da 16 a kwance, jimilla 256. Faɗin fuskar babban mutum bai wuce santimita 15 ko 16 ba, ke nan kowane ɗigo ya haɗiye kusan santimita guda na fata. Tsage kuwa siririn layi ne na milimita ɗaya ko biyu. Abin da kyamara ta ajiye matsakaici ne kawai: ta gauraya duhun tsagen da hasken fatar da ke gefensa ta rubuta lamba ɗaya. Idan wurare huɗu suna da haske 10 da 90 da 50 da 50, matsakaicinsu 50 ne. Idan dukansu 50 ne, nan ma 50 ne. Wanda aka ba 50 kaɗai ba shi da hanyar sanin wanne ne asali, kamar yadda ba mai iya duban mudun gero ɗaya a kasuwa ya ware ƙwayar kowace gona bayan an cakuɗa.

To, daga ina manhajar take samo gashin gemu da ƙyallin ido? An horar da ita ne da dubban hotuna masu kyau. Akan ɗauki kyakkyawan hoto a dusashe shi da gangan, a ba ta dusasshen a ce ta hasashi na asali, ana gyara mata kuskure har ta ƙware. Da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji ana haɗa su da wata abokiyar hamayya, wadda aikinta shi ne ta gane ko hoto na gaske ne ko ƙirƙirarre. Ta haka mai gyaran take koyon cewa hoto mai hazo faɗuwa ce, hoto mai kaifi kuwa nasara ce, ko da kaifin ba na mai fuskar ba ne. Idan aka mayar da ɗigo 16 sau 16 zuwa 1,024 sau 1,024, kowane ɗigo guda ya haifi 4,096. Lamba ɗaya ce ta fito daga kyamara, duk sauran bayanin daga fuskokin wasu mutane aka aro shi. Fuskokin da ta saba gani kuwa ba kasafai suke da tsagen Gobir ba, don haka ɗan duhun da ya rage a kumatun kakana ta ɗauke shi lalacewar takarda, ta share.

Ba a kanmu aka fara ba. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun fitar da wata dabara mai suna PULSE, wadda ke yin daidai wannan lissafi. Wani ya ba ta dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar wani Bature. Abin lura shi ne, idan aka sake dusashe fuskar Baturen, tana komawa kusan daidai da hoton da aka ba ta. A lissafi ba ta yi kuskure ba, domin fuskoki masu ɗimbin yawa suna iya dacewa da ɗigogin nan kaɗan; ita dai ta zaɓi wadda ta fi sabawa da ita.

Da a kan hoton kaka abin ya tsaya, da sai in ce asara ce ta cikin gida. Amma mu mutanen gabashin Sakkwato mun san abin da hoton waya ya zama a rayuwarmu. Tun bayan ƙona matafiya a mota kusa da Gidan Bawa, a hanyar Sabon Birni zuwa Isa, a watan Disamba na 2021, har zuwa rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun 'yan bindiga a watan Agusta na 2024 bayan bidiyonsa ya karaɗe wayoyi, kusan kowane bala'i da hotonsa yake iso mana. Bidiyon kan zo a dusashe, an ɗauke shi da hannu mai rawa, an tura shi daga waya zuwa waya, kuma sau da yawa turawar kan ƙara matse shi ta rage masa inganci. Mutane kuwa suna ƙishirwar sanin ko wane ne wancan da ke tsaye a baya, da wanda ke kai wa ɓarayin daji labari.

Na taɓa zama a wata majalisa a Isa inda wani matashi ya yanko fuska daga irin wannan bidiyo, ya wanke ta da manhaja, ya zagaya da ita. Nan take mutum biyu suka ambaci sunan wani yaro mai sayar da man fetur a galan. Na roƙi a nuna mini na asali, sai na ga dunƙulen inuwa ƙarƙashin rawani, wanda ko uwar da ta haife shi ba za ta rantse a kansa ba. Muka sa yankin a wata manhajar daban, ta ba mu mutum mai faffaɗan hanci da ya girmi na farko da kusan shekara goma. Majalisar ta yi tsit. A wurin da zargin zama ɗan leƙen asiri kan iya kai mutum kabari kafin ya ga alƙali, tazarar da ke tsakanin yaron nan da mutuwa ba ta wuce gwaji na biyu ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mun gina wannan magana a kan cewa ido yana karɓa ne kai tsaye daga abin da ya faru, kunne kuwa daga bakin wani. Hoton da manhaja ta wanke ya rushe wannan bambanci. Ji ne, jita-jita ce da aka tattaro daga fuskokin dubban baƙi, amma ta zo sanye da rigar gani. Mai ba da labari idan ya ce "an ce", ya bar maka ƙofar shakka. Dusasshen hoto ma haka yake, hazonsa yana faɗa maka iyakar saninsa. Wankakken hoto kuwa ya toshe wannan ƙofa, domin ɗigon da kyamara ta gani da wanda aka ƙago duk kaifinsu ɗaya.

Wani zai ce, ai mu ma haka muke yi. Ƙwaƙwalwa tana cike giɓi, kuma maroƙi yakan ƙawata tarihin Bawa Jan Gwarzo da abin da bai gani ba. Gaskiya ne, kuma ba na ƙin ƙawa. Amma kowa ya san matsayin maroƙi, ba a kiransa shaida a gaban alƙali. Mashaidi kuma ana iya titsiye shi: ina kake tsaye, da wane haske ka gani, me ya sa ka tabbata? Yana iya ja da baya ya ce bai tabbata ba. Manhajar da ke cikin wayoyinmu ba a gina ta ta faɗi haka ba, kullum sai ta ba da fuska. Wannan ne ya sa a 2024 wani alƙali a jihar Washington ta Amurka ya ƙi karɓar bidiyon waya da aka wanke ta wannan hanya a shari'ar kisan mutum uku, bisa hujjar cewa dabarar tana nuna abin da take zaton ya kamata a gani ne, ta hanyar da ba a iya bin diddiginta.

Ba kuma duk gyaran hoto ne ƙage ba. Idan akwai bidiyo na asali, masana kan haɗa hotuna da yawa na jere, waɗanda kowanne ya ɗan gusa daga ɗan'uwansa, su fitar da ƙarin bayani na gaske, domin kowanne ya kama abin da ɗayan ya rasa. Ribar wannan kaɗan ce, kuma tana buƙatar fayil ɗin farko daga wayar da ta ɗauka. Ƙagaggen kaifi kuwa yana da alamomi. Fuska takan fito tas alhali riga da bango suna cikin hazo. Aikin hula yakan rikiɗe ya zama zanen da ba maɗinkin da ya taɓa yi. Rubutu da lambar babur sukan zama haruffa masu kama da haruffa, ko mafi muni, lamba mai karantuwa wadda ta wani ce. Gwaji mafi sauƙi shi ne wanda muka yi a Isa: a ba manhaja biyu hoto ɗaya, duk inda suka saɓa, to daga cikinsu ya fito.

Saura batun alhaki. Na'ura ba ta da niyya, don haka ba zan kira ta maƙaryaciya ba. Amma wanda ya wanke fuska ya tura ta da rubutun "ga shi nan" ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba, ko da zuciyarsa fari ce. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji magabata, sai dai mai tafiya cikin dare ya san dare ne, yana taka ƙasa a hankali. Wanda aka zana wa hanya a jikin bango shi ne ke sheƙawa da gudu. A ganina haƙƙin da ke kanmu shi ne mu bar hazo a matsayinsa na hazo duk inda rai ko mutuncin wani ya rataya a kansa, kuma duk hoton da aka wanke a faɗi cewa an wanke shi, a ajiye na asali a gefensa.

Gwaggo ta sa an mayar da tsohon hoton cikin ledarsa, ta ajiye a ƙasan adaka. Idan ta fito da shi takan aza yatsa a kan wani ɗan duhu a kuncin, ta ce a nan tsagen yake. Ni ban ga komai a wurin ba sai tabo, amma ita ta ga tsagen da idonta shekara da shekaru, kuma ana iya tambayarta.