Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Da alama wannan karin magana a kan hanya aka haife ta. A zamanin da fatake ke tafiya Gwanja sayen goro, ayari kan yi wata da watanni yana tafe, wasu da kaya a ka bisa gammo, wasu suna kora jakuna. Mai ɗauke da kaya ba ya ganin abin da ke kansa. Na bayansa ne ke hango igiya ta saki, ko kayan jaki sun rinjaya gefe guda. Idan ya ce "gyara kayanka", taimako ya yi. Sai dai ɗan Adam da zargi, mai kayan yana iya ɗauka cewa an sa wa dukiyarsa ido. Shi ya sa Bahaushe ya raba abu biyu da ke kama da juna: nuna wa mutum inda kayansa suka karkace daban, neman ya sauke a yi watanda da su daban.

Yawanci mai ba da shawara ake karewa da wannan magana, wato a ce wa wanda aka yi wa gyara kada ya ji haushi. Ni kuwa ina ganin akwai sharaɗin da ta ɗora wa mai gyaran shi ma. Kalma biyu ce kawai ya faɗa. Da ya tsaya ya ce tun daga zangon farko yake lura da ɗaurin banzan da abokin tafiyarsa ke yi, kuma dama haka mutanen garinsu suke, to da ya sauke kayan da hannunsa, ya baje su a bakin hanya kowa na kallo.

Abin da ya tuno mini da ita wani saƙo ne da ƙanena ya turo mini. Yana karatu a Zariya, sun kama ɗaki ɗaya a Samaru shi da wani abokinsa, suna raba kuɗin haya da na ruwa da na wuta. Wani dare ya ce, "Yaya, duba mini wannan kafin in tura masa." Sai da na ja allon waya sau biyar kafin in kai ƙarshe. Na ƙirga ƙorafi goma sha ɗaya: yana ƙarar da ruwa, yana barin tukunya da ƙanzo har ta kwana, yana kallon ƙwallo a waya da ƙara bayan sha biyun dare, yana minshari, yana kawo baƙi, ya taɓa sa takalminsa ba izini a zangon karatun da ya wuce, da sauransu. A tsakiya akwai "kullum" guda bakwai. A ƙarshe kuma ya rufe da cewa da alama a gida ba a koya masa zama da mutane ba.

Na ce masa kusan duk abin da ya lissafa zai iya zama gaskiya, amma idan ya tura, zance ɗaya abokin zai gani, shi ne na gidansu. Sauran goman sun tafi a banza. Daga nan kuma ba maganar ruwa za a yi ba, maganar iyaye za a koma yi, wadda ba a gama ta da dariya.

Sai muka zauna tankaɗe, ni a nan shi a can, bisa sharaɗin kada saƙon ya wuce jimla uku. Farkon abin da ya fita shi ne duk wata jimla da ke bayyana halin mutum maimakon aikinsa. "Ba ka da tausayi" hukunci ne, ba wanda zai amsa shi da "to, zan gyara gobe". Haka nan duk inda ya shiga zuciyar abokin ya karanto niyya, irin su "da gangan kake yi don ka ga ina shiru". Bai gani ba, zato ne, kuma wanda aka yi wa zato yana da hakkin ya musanta. Minshari ma ya fita, domin mutum ba ya zaɓen yadda zai yi numfashi cikin barci. Wannan sai dai a sauya wajen shimfiɗa. Takalmi ya fita saboda an riga an ba da haƙuri a kansa tun tuni, tono shi yana nuna cewa yafiyar ta baka ce kawai. Da muka zo kan tukunya na tambaye shi ko shi bai taɓa barin tasa ta kwana ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wani lokaci." Laifi tudu ne, in ji masu magana. Ita ma ta fita.

Uku suka rage: ruwa, ƙarar waya, baƙi. A nan ya so ya yi mini wayo, ya ce ai shi ke nan, jimla uku ƙorafi uku. Na ce a'a. Jimla ukun duk na abu ɗaya ne, domin kowace da aikinta. Idan ka jera laifi uku a layi uku, tsohon saƙon ne ka matse, har ya fi shi zafi tunda babu ko gaisuwa a ciki. Na ce ya zaɓi wanda idan an gyara shi gobe zai fi samun sauƙi. Bai yi jinkiri ba, ya ce ruwa.

Ga yadda lamarin ruwan yake. Suna da jarka biyu masu lita 25, 'yan garuwa ke cika musu. Idan an yi tattali, jarka biyu kan kai su kwana biyu, wanka da girki da alwala. Abokin kan yi wanki da dare ya ƙarar da su, ya kwanta. Da asuba kuwa ba a samun mai ruwa, sai rana ta ɗaga.

Jimla ta farko aikinta ta faɗi abin da ido ya gani, da lokacinsa. Ya rubuta, "Kullum kana ƙarar da ruwa." Na ce ya cire "kullum". Wannan kalma kyauta ce kake miƙa wa abokin gardama: rana ɗaya tak yake buƙatar ya tuno wadda bai yi ba, sai ya zama kai ne maƙaryaci, a bar zancen ruwa a koma zancen ƙaryarka. Na ce ya ƙirga. Ya ƙirga, sau uku ne a makon. Uku ba ta kai "kullum" tsoratarwa ba, amma ba ta da ƙofar da za a fita ta ciki. Na kuma sa ya juya jimlar ta fara da abin da shi ya tarar, jarka ba ruwa, domin wannan ne ya gani da idonsa.

Ta biyu ita ce ta fi ba mu wahala, kuma a nan adalcin yake. Dole ta faɗi abin da lamarin ya jawo masa, abu na zahiri, ba "raina ya ɓaci" kawai ba. Dole kuma ta bar wa abokin wurin tsayawa. Ƙanena ya ƙi wannan da farko, ya ce shi aka cuta, don me zai nema wa wani uzuri? Na ce ba uzuri zai ƙirƙiro ba, abin da ya sani ne zai faɗa: mutumin nan ba zubar da ruwan yake yi ba, wanki yake, kuma da rana yana makaranta. Sannan na tambaye shi ko shi bai taɓa ƙarar da ruwan ba. Ya taɓa, ranar Asabar. Idan bai faɗa da bakinsa ba, da ita za a fara ba shi amsa.

Ta uku roƙo ne, kuma sai ya zama abin da za a iya aikatawa a kuma gane an aikata. "Ka riƙa tunanin mutane" ba roƙo ba ne, zagi ne ya sa hula. Roƙon kirki yana da mai yi, da abin yi, da lokaci, kuma ya fi kyau ya hau kan su biyun. Ga abin da muka tsaya a kai:

"Ɗan'uwa, sau uku a makon nan, Litinin da Laraba da yau, na tashi da asuba na tarar jarkokinmu duka biyu ba ruwa. Na san da dare kaɗai kake samun damar wanki, ni ma ranar Asabar na ƙarar ban faɗa maka ba, amma yau sai da na roƙi ruwan alwala a maƙwabta, na tafi lacca ba wanka. Ina so mu yi ƙa'ida, duk wanda ya buɗe jarka ta biyu shi zai kira mai ruwa kafin magariba, kuɗin kuma mu biya tare yadda muka saba."

Kafin ya yi amfani da su na ce ya gwada su ta hanya biyu. Ya karanta kamar shi aka rubuta wa, ya ji ko akwai kalmar da za ta tsaya masa a wuya. Sannan ya ɗauka abokin ya nuna wa mahaifinsa, ko akwai abin da zai sa shi jin kunya. Tsohon saƙon ya faɗi gwajin nan tun a layi na biyu.

Na kuma hana shi turawa ta waya. Mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya, katifa na kallon katifa, idan ɗaya ya koma rubuta wa ɗaya takarda, rubutun kansa ya zama wani saƙo. Gajeren zance a allo yana da sanyi irin na takardar sammaci. Rubutawar don kansa ce, don kada harshe ya kwashe shi. Faɗar kuwa sai da baki, bayan an gaisa an ci abinci, ba gaban baƙi ba, ba kuma da asubar da ya tarar da jarka a bushe ba. Gaisuwa da 'yar raha ba sa cikin lissafin jimla ukun. Habaici ma na ce ya bari, irin na a tsaya tsakar gida ana cewa wasu mutane dai ba su san ruwa kuɗi ne ba. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka zaga ma ya sani, amma ba a ba shi abin da zai gyara ba.

Wannan dabara tana da iyaka. Ta ɗabi'un yau da kullum ce, waɗanda mai su bai ma san suna damun wani ba. Idan kuɗi ke ɓata a aljihu, ko ana barazana, ko an ƙi biyan haya, ba kaya ne suka karkace ba, wannan sai da shaida, a kira mai gidan ko wani babba. Idan kuma abokin zaman ya girme ka sosai, jimlolin ba za su canja ba, amma wataƙila bakin da zai faɗe su ya canja.

Bayan mako biyu na tambayi ƙanena. Ya ce da ya faɗa, abokin ya yi dariya ya ce shi wallahi ya ɗauka akwai wata jarka a bayan ƙofa. Yanzu sun ƙara ta uku, sun raba kuɗinta. Ƙwallon dare kuwa tana nan, ya ce sai bayan jarrabawa zai ɗauko maganarta.