Kafin mu ce ga shi nan, shi ne

Jama'a, mun ɗauko wata ɗabi'a da ba ta dace da mu ba, kuma manyanmu da yaranmu duk muna ciki. Da zarar wani abu ya faru, hari ne ko zanga-zanga ko taron siyasa, kafin ƙura ta lafa sai hoto ya iso wayoyinmu, an kewaye fuskar wani da jan layi, a ƙasa an rubuta: ga shi nan, wane ne. Mu kuwa ba ma tambayar wanda ya ɗauka, ba ma tambayar yaushe, sai mu ce gani ya kori ji, mu tura wa 'yan uwa da abokan sana'a. Alhali abin da muka gani fuska ce kawai. Sunan da wurin da ranar duk ji muka yi, kuma daga bakin wanda ba mu sani ba.

A daren 13 ga Nuwamba 2015 aka kai hare-hare birnin Paris, a gidan rawa na Bataclan da wasu wuraren cin abinci da kusa da filin ƙwallo na Stade de France, mutum 130 suka rasu. Ba a jima ba sai ga hoton wani saurayi mai gemu da rawani yana yawo, sanye da rigar bam, riƙe da Alƙur'ani, ana cewa ɗaya daga cikin maharan ne. Har jaridar La Razón ta ƙasar Sifen ta buga fuskarsa a shafin farko a matsayin ɗan ta'adda, daga baya ta nemi gafara. Saurayin nan kuwa ɗan Kanada ne, mabiyin addinin Sikh, yana gida lafiya lau, kuma ya fito ya ce bai taɓa zuwa Paris ba. Hoto ne da ya ɗauki kansa a gaban madubin banɗaki a watan Agusta na shekarar, yana riƙe da iPad, wani ya ɗauko ya mayar da iPad ɗin littafi, ya ɗora masa rigar bam.

Abin takaicin shi ne, hoton da kansa yana tona asirin wanda ya haɗa shi, ga duk wanda ya tsaya minti biyu. Wanda ya ɗauki kansa a madubi, dole na'urar da ya ɗauka da ita ta fito a cikin madubin. To ga mutum ya riƙe littafi yana fuskantar madubi, babu waya, babu kyamara, babu kowa a bayansa. Da me aka ɗauki hoton? Sannan a jikin bango akwai soket na wuta irin na Kanada da Amurka, mai siraran ramuka a tsaye, alhali na Faransa ramukansa zagayayyu ne, irin wanda 'yan uwanmu na Nijar suka sani. Rawanin ma ɗaurin mabiya Sikh ne, wanda duk wanda ya san su zai gane. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ilimin kwamfuta. Ido kawai ake so ya bar fuskar ya zagaya sauran hoton, amma fushi da tsoro sukan kafe ido a wuri guda, shi kuma mai haɗa ƙarya da wannan yake cin kasuwarsa.

Saboda haka idan irin wannan hoto ya zo mana, mu san cewa tambaya uku ce a ƙunshe, kuma amsar ɗaya ba ta wadatar wa sauran. Shin hoton yana nan yadda aka ɗauke shi, ko an taɓa shi? Shin a wurin da aka ce, a ranar da aka ce aka ɗauke shi? Shin mutumin da ke ciki shi ne wanda aka ambata? Mun fi sabawa da ta farko, shi ya sa idan ba mu ga alamar haɗi ba sai mu saki jiki. Amma hoto na iya zama na gaskiya tsaf, rubutun da ke ƙasansa ya zama ƙarya. A 2014, lokacin da duniya ke kiran a ceto 'yan matan Chibok, hotunan da suka yi ta yawo da sunansu har da na wasu 'yan mata da mai ɗaukar hoto Ami Vitale ta ɗauka a Guinea-Bissau tun kafin a yi satar. Masu turawa da kyakkyawar niyya suka tura, amma niyyar ba ta mayar da yarinyar Guinea-Bissau 'yar Chibok ba.

Matakin farko shi ne neman asalin hoton. A adana shi a waya, a buɗe Google Lens ko TinEye, a ɗora shi, a ga wuraren da ya taɓa fitowa. A TinEye akwai zaɓin jera sakamako daga mafi daɗewa, wato Oldest, kuma shi ne ya fi amfani a nan, domin idan hoton ya riga abin da ake magana a kai fitowa, ko da da kwana guda ne, magana ta ƙare. Da haka aka wanke saurayin Kanada: ga hotonsa na Agusta da iPad a hannu, ga na Nuwamba da littafi da rigar bam, bango ɗaya, madubi ɗaya. Idan an cika hoton da rubuce-rubuce da jan layi, a yanke su a bar tsurar hoton, sannan a sake yanko wani sashe, kamar gini ko allon talla, a nema shi kaɗai. A gwada kuma juya hoton dama zuwa hagu, domin masu haɗa ƙarya sukan juya shi. Mu tuna da 2018, da aka yi ta yaɗa cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu an kawo wani Jubril daga Sudan, har shi da kansa ya musanta a ƙasar Poland a watan Disamba. Cikin hujjojin da aka kawo akwai hotonsa yana rubutu da hagu, kuma masu bincike suka nuna cewa juya hoton aka yi. Hoton da aka juya yakan bayyana kansa ta rubutun da ke ciki, wanda zai koma a birkice, ko agogo da aljihun riga da suka sauya gefe.

Sai dai mu san iyakar waɗannan kayan aiki, kada mu ɗora musu abin da ba su ce ba. Idan bincike bai samo komai ba, ba shaida ce ta cewa hoton sabo ne ba, domin abin da ke yawo a WhatsApp da rufaffun zauruka ba ya shiga taskarsu. Ranar da TinEye ke nunawa ma ranar da ya fara cin karo da hoton ce, ba ranar da aka ɗauka ba. Kyamara takan ajiye kwanan wata da samfurin waya a cikin fayil ɗin hoto, amma WhatsApp da Facebook suna goge wannan bayani idan an tura shi a matsayin hoto, don haka rashinsa ba ya nuna gaskiya ko ƙarya. Alamar nan kuwa ta Forwarded many times, abin da take gaya mana kawai shi ne hoton ya bi hannaye da yawa, kuma wanda ya turo mana, komai girmansa a idonmu, ba shi ne ya ɗauka ba.

Idan asali bai samu ba, sai a koma kan wurin. Taron da ya isa a kira shi labari ba kyamara ɗaya ke ɗaukarsa ba. A nemo hotuna da bidiyon da gidajen jarida suka fitar daga wurin, a jera su da wanda ke hannu. Rumfar iri ɗaya ce? Rubutun da ke jikin ƙyalle, kakin jami'an tsaro, lambar mota, duk sun yi daidai? An ce da damina ne, me ya sa ƙasa ta bushe, mutane sun sha rigunan sanyi, sama ta yi hazo? An ce da azahar ne, me ya sa inuwa ta yi tsawo haka? Idan kuma babban mutum ne aka ce ya halarta, rigarsa da hularsa za su fito a hotunan wasu, kuma galibi akan san inda ya yini a ranar.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi, kuma a nan muka fi gaggawa. Iyayenmu sun ce kama da wane ba wane ba ne. Hoton da ya bi wayoyi da yawa yakan dushe, fuska ta zama 'yan ɗigo-ɗigo, sai zuciya ta cike gurbin da abin da aka riga aka gaya mata. Gemu da tabarau da hula ba shaida ba ne, mutum dubu na da su. Masu bincike sukan duba abin da ba ya sauyawa da sauƙi, kamar siffar kunne, tabo ko tsage, wushirya, tsayin mutum idan an gwada da na kusa da shi, kuma sukan gwada hotunan da aka ɗauka ta fuska guda. Duk da haka, bambanci guda bayyananne ya isa ya kore mutum, amma kamanni goma ba su isa su tabbatar da shi ba. Tabbaci sai an samu wanda ya ɗauki hoton, ko shaidun da ba su jiyo daga juna ba, ko mutumin da kansa. Wanda ba shi da halin bin wannan hanya, akwai masu tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, ya duba ko sun riga sun taɓa batun, ko kuwa ya haƙura ya riƙe hoton a wayarsa. Babu wanda aka taɓa kamawa da laifin jinkirin turawa.

Mu dubi abin da ke biyo baya. Saurayin Kanada an wanke shi cikin kwanaki, jarida ta ba da haƙuri, amma a watan Yulin 2016 da aka kai harin birnin Nice, sai ga hoton nan ya sake tasowa, ana cewa shi ne maharin. Ƙaryar tana nan ajiye a wayoyin mutane, gyaran kuwa bai kai rabin inda ta kai ba. Shi yana wata nahiya mai nisa. A wajenmu, inda kowa ya san gidan kowa, fuskar da aka kewaye da jan layi tana da unguwa, tana da shago a kasuwa, tana da 'ya'ya a makaranta, kuma mun sha ganin yadda taron mutane ke yanke hukunci kafin hukuma ta iso. Wanda ya haɗa hoton mutum ɗaya ne, amma ba zai kai ko'ina ba sai da hannayenmu.

Idan kuwa mun riga mun tura, sannan gaskiya ta bayyana, gogewa a ɓoye ba ta sauke nauyi. A koma kowane zaure da aka tura shi, a sa hoton asali kusa da na jabu, a faɗi inda aka samo shi da ranar da ya fara fitowa, a roƙi waɗanda suka tura gaba su ma su bi sawu su gyara. Akwai jin kunya a ciki, ba a musu, amma haƙƙin bawan Allah ne muka taɓa, kuma shi bai san mu ba balle mu je mu nemi yafiyarsa. Allah ya sa mu gyara.