Kafin Ka Aika wa Yayanka Saƙon Ranar Haihuwa

Ɗana, idan ranar haihuwar ɗan'uwanka ta zagayo alhali akwai tsohuwar 'yar tsama a tsakaninku, dabaru biyu ne suke fara zuwar maka, kuma babu wadda take ɓillewa a cikinsu. Ko ka yi gum ka ce ai shi ma bara bai ce maka uffan ba, ko ka kwaso irin saƙon nan da yake yawo a waya, mai furanni da hoton kek, ka tura masa ka ce ka fita haƙƙi. Shirun yana ƙara wa gabar shekara guda. Saƙon furannin kuwa ya fi shirun ciwo, domin mutumin da kuka yi musayar baƙaƙen maganganu da shi zai karanta "babu kamarka a duniya" ya san ba daga zuciyarka ta fito ba. Zai ɗauka ko ba'a kake yi masa, ko kuma abin da ya hana shi barci kai ko a jikinka.

Bari mu ɗauki misalin da ake yawan gani a gidajenmu. A ce ku 'yan uba ne, shi ne babba. Yana gama firamare mahaifinku ya ja shi kasuwa, ya zauna masa a shago a Kantin Kwari, kai kuma aka bar ka ka yi karatu har jami'a. Shi yana ganin da guminsa aka biya kuɗin makarantarka. Kai kana ganin shi ne ɗan gaban goshi, tunda shi ke riƙe da makullin shago, shi ake shawara da shi. Iyayenku mata kuma kowacce tana da nata lissafin da ta shayar da ɗanta. Da mahaifinku ya rasu aka zo rabon gado, ya ce shagon nan shi ya raya shi, ka ce gado gado ne. A gaban baffanninku ya kira ka ɗan hutu wanda bai san zafin nema ba, kai kuma ka yi masa gorin karatu. An raba gadon, kowa ya karɓi rabonsa, amma tun daga ranar sai gaisuwar Sallah da ta jana'iza, a tsaitsaye. Yau ga shi ya cika shekara 50.

Kafin ka taɓa waya, ka tabbatar da abu biyu. Shin yana ma kula da ranar haihuwa? Malamai sun saɓa a kan bikinta, kuma akwai mutanen da ba sa son ko a ambata musu. In yana cikinsu, ka bar zancen taya murna, ka yi masa addu'ar tsawon rai mai albarka kawai, ko ka jira Sallah ka yi abin da zan faɗa maka. Sannan ka tabbatar ranar ta gaske ce. Da yawa daga cikin sa'o'insa ranar da ke jikin katinsu ta cike takarda ce, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a takardun mutane. Tambayi goggonku, ita ba ta mantawa.

To, me za ka rubuta? Ga irin abin da zuciya take fara kawowa idan mutum ya ce shi mai faɗin gaskiya ne: "Yaya, barka da zagayowar ranar haihuwa. Duk da abin da ka yi mini, ni na yafe maka, don ni ba na riƙo. Allah Ya shirye mu." Duba da kyau, ɗana. Wannan ƙara ce aka shigar, aka yanke hukunci, aka kuma yi wa mai laifi afuwa, duk a layi uku. Yafiyar da ba a roƙa ba tuhuma ce. "Allah Ya shirye mu" a wannan gurbi habaici ne, kuma Bahaushe ba ya kuskuren gane habaici. Irin wannan saƙo fami ne: ciwo ya fara kamewa, ka zo ka sa farce.

Yanzu ga wanda nake so ka auna:

"Assalamu alaikum Yaya. Na tuna yau ka cika hamsin. Allah Ya ƙara wa rayuwa albarka, Ya ƙara lafiya, Ya raya mana yaran. Har yau ban manta lokacin da kake kai ni makaranta a keke cikin hunturu ba, ka cire rigar sanyinka ka sa mini. Na san tun rabon gadon Baba ba mu koma yadda muke ba, kuma maganar da na faɗa maka a gaban su Baffa ba ta dace ba, ka yafe ni. Ba don a tayar da zancen na rubuto ba. In Allah Ya yarda zan shigo gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko, in kana gida. A gaishe mini da Hajiya da mutanen gida."

Ka lura da inda aka ajiye maganar ciwon. Tana tsakiya, jimla ɗaya tak, addu'a da tuna alheri a gabanta, ziyara da gaisuwa a bayanta. Da ka buɗe da ita, ranarsa ta koma ranar shari'a. Da ka rufe da ita, ita ce za ta kwana a ransa. An kuma kira abin da sunansa, "rabon gadon Baba", ba a ce "'yan abubuwan da suka faru" ba, don kada ya ji kana ƙaramta abin da shi ya ɗauka da girma. Amma sunan kawai aka kira. Ba a ce wa ya fara ba, ba a kawo kuɗin shago ba, ba a ambaci uwar kowa da sharri ba.

Wurin da ya fi wuya shi ne ka faɗi naka kason ka yi shiru. Hannunka zai yi ta ƙaiƙayin ya ƙara "amma kai ma ka san abin da ka faɗa". Kada ka bari. Da zarar "amma" ta shigo, duk abin da ya gabace ta ya rushe, shi kuma abin da ya biyo bayanta kaɗai zai gani. Ya san ya kira ka ɗan hutu, bai manta ba. Idan ka sauke naka, ka buɗe masa ƙofar sauke nasa ba tare da ya ji an durƙusar da shi ba, kuma babban wa yana buƙatar wannan ƙofar fiye da yadda kake zato. In kuwa ka binciki zuciyarka tsakani da Allah ka ga ba ka da laifin da za ka ambata, kada ka ƙirƙiro na ƙarya. Ka ce, "Na san akwai abin da ya shiga tsakaninmu, bai yi mini daɗi ba, na kuma san kai ma bai yi maka ba." Wannan gaskiya ce, kuma ba ta ɗora wa kowa kaya ba.

Zancen keken nan shi ne zai sa ya yarda da sauran saƙon. Yabo irin su "gwarzo" da "bango majingina" kowa zai iya rubuta wa kowa. Rigar sanyin kuwa ku biyu kaɗai kuka san ta, kuma tana gaya masa abin da ya daɗe yana son ji daga bakinka, wato ka san ya yi maka wahala. Ka nemo naka abin tunawar, na gaske, ƙarami, wanda shi ne ya yi kyauta a ciki. Kada ka ɗauko wanda kai ka fito da kyau, kamar ranar da ka biya masa kuɗin asibiti. Wannan gori ne ko da da murmushi ka faɗa. Gaisuwar Hajiya ma kada ka raina ta. A tsakanin 'yan uba, wanda ya gaida uwar ɗan'uwansa da girmamawa ya faɗi abin da shafi guda ba zai faɗa ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Ka koma ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam. Da ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa bai yi kamar babu abin da ya faru ba, ya tambaye su ko sun san abin da suka aikata masa shi da ɗan'uwansa. Da suka amsa laifinsu, ya ɗauke musu zargi, ya roƙa musu gafara. Daga baya, da iyali suka haɗu a Masar yana lissafa ni'imomin Allah a kansa, fitarsa daga kurkuku ya ambata, bai ambaci rijiya ba, saɓanin kuma ya jingina shi ga Shaiɗan. Sau ɗaya ya taɓo abin, bai sake mayar da shi abin gori ba.

Sai hanyar aikawa. Ka tura masa shi kaɗai. Kada ka sa a guruf ɗin dangi na WhatsApp, kada ka ɗora hotonsa duniya ta gani da dogon yabo a ƙasa, domin zai ga kamar shaidu kake tarawa a ce kai ne mai zumunci, shi ne mai riƙo. In karatu yana yi masa nauyi, ko ka san ya fi sabawa da sauraro, ka yi saƙon murya, amma ka rubuta abin da za ka faɗa tukuna, kada ya wuce minti ɗaya, don baki in ya saki ba ya sanin inda zai tsaya. Kada kuma ka haɗa da kuɗi. Tunda dukiya ce ta raba ku, in ya ga kuɗi sun shigo masa a asusu zai iya ɗauka kana nuna masa ka fi shi ne. Turare ko goro a hannu ranar Juma'a ya wadatar.

Amsar da za ta zo wataƙila "Amin, na gode" ce kawai. Kada ka raina ta, kada ka bi ta da wani saƙon kana tambayar ko ya ga maganar yafiyar. Mutum ne mai shekara 50 da ƙanensa ya yi masa gori a gaban manya, ba a kwana ɗaya zai sake ba. In ya ce "sai ka zo", an gama rabin aiki. In ya yi shiru, ka je gaisuwar duk da haka, ka gaida Hajiya, ka ɗan zauna, ka tashi. In kuma ya maido da zafi ya zazzage tsohon zance, kada ka amsa a rubuce. Ka ce, "Na ji, Yaya, sai na zo." Rubutu ba ya ɗauke da murya, kuma ana ajiye shi a nuna wa wasu.

Iyakar wannan nasiha guda ce, kuma ba ta da sassauci. In akwai haƙƙinsa a hannunka, kuɗi ne, fili ne, takardar gida ce, to babu daɗin bakin da zai maye gurbin mayar da shi. Saƙo mai taushi daga wanda ya danne maka kaya ƙarin cin fuska ne. Ka fara nemo Baffa ko wani dattijon da ku biyu kuke jin maganarsa a warware wannan, sannan addu'arka ta samu wurin zama.

Ke ma 'yata, da ke nake, ko yayarki ce ko ƙanwarki, ko a kan kayan ɗaki kuka saɓa ko a kan wadda Inna ta fi so. Ku rubuta saƙon tun daren jajibiri, ku bar shi ya kwana, da safe ku karanta shi kamar ku aka aiko wa. Duk kalmar da ta sosa muku rai ku cire ta, jimlar nan ɗaya ta gaskiya kuwa ku bar ta a wurinta. Sannan ku aika, ranar Juma'a kuma ku je.