Daren da Na Tsawaita Karatu

A wani azumi da ya wuce, limamin ƙaramin masallacin unguwarmu a ƙasar Ajingi ya kwanta rashin lafiya, sai dattawa suka tura ni gaba in ja sallar asham. Dare goma sha biyu ina karanta gajerun surori daga hizifin ƙarshe, muna idarwa cikin kusan minti ashirin da biyar, domin yawancin mamu manoma ne da suka wuni cikin rana. A dare na goma sha uku wasu baƙi suka iso daga Gaya, cikinsu har da malamin da ya taɓa koyar da ni tajwidi. Na ɗauko doguwar sura, na ja madda, na tausasa murya, ruku'una ma ya ƙara nutsuwa. Mun shafe kusan awa guda. Da muka sallame malamin ya ce, "Madalla, ɗana." Ni kuwa na koma gida da tambayar da ta hana ni barci: wannan ƙarin rabin awa, wa na yi wa?

Sunan abin da nake tsoro ba baƙo ba ne. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san riya da jiji da kai suna cikin abubuwan da aka haramta tun a shafukan farko, kafin a shiga tsarki da salla. Suratul Ma'un ta yi gargaɗi ga masu sallar ganin ido. Akwai kuma hadisi a littafin Ibn Majah inda Annabi (SAW) ya siffanta ɓoyayyen shirka da mutumin da zai tashi salla ya ƙawata ta saboda ya ga wani yana kallonsa. A lura, ba a ce mutumin ya ƙirƙiri sallar don mutane ba. Sallar tana nan tun da farko, ado kawai ya ƙara. Wannan shi ne hotona a wannan dare.

Tunanin da ya fara zo mini shi ne in ajiye limancin, in koma ɗaki inda babu mai gani. Wannan magani yana da gata a wajen maƙwabtanmu Kiristoci. A babi na 6 na Linjilar Matiyu, Annabi Isa (AS) ya soki masu tsayawa addu'a a majami'u da bakin hanya don a gan su, ya ce irin waɗannan sun riga sun karɓi ladansu, sannan ya umarci almajiransa su shiga ɗaki su rufe ƙofa. Hujjar tana da ƙarfi: wanda ya nemi yabo ya kuma samu, an biya shi, ba ya bin kowa bashi. Musulunci ma ya fifita yin yawancin nafiloli a gida.

Sai dai ƙofa ba ta warware matsalata. Sallar jam'i a fili ake yin ta, liman kuma dole a ji muryarsa. Idan kowane mai tsoron riya ya janye, sahu zai watse. Fudailu bin Iyad, wanda ya rasu a Makka a shekarar 803, ya riga ya toshe wannan hanya, domin a wurinsa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Dalilin a fili yake. Da na gudu, idon jama'a ne zai kore ni, kamar yadda idonsu ya sa na tsawaita. Har ma zan iya samun sabon abin alfahari, a riƙa cewa ga yaron da ya ƙi limanci don tsantseni.

Malaman Yahudawa sun dubi wannan wuri ta wata fuska. Suna kiran halartowar zuciya a addu'a da suna kawana, kuma babbar addu'arsu ta tsaye kowa yakan yi ta da murya ƙasa-ƙasa ko da a cikin taro, koyi da Hannatu mahaifiyar Sama'ila, wadda leɓɓanta ke motsi ba a jin sautinta. Duk da haka Talmud ya shawarci mutum ya ci gaba da aikin ibada ko da niyyarsa ba ta tsarkaka ba tukuna, domin aikin da aka fara da gauraye yakan kai ga tsarkin niyya. Darasin da na ɗauka shi ne, ana gyaran niyya ne a cikin aiki, kamar yadda manomi ke cire ciyawa ba tare da ya tumɓuke geron ba.

To, mene ne matsayin sallar tawa? Ibn Rajab, wanda ya rasu a 1393, ya rarrabe al'amarin a sharhinsa na hadisin niyya. Idan riya ta shiga tun daga tushen aikin, aikin ya ɓaci. Idan an fara don Allah, sai tunanin nuna kai ya gifta mutum ya kore shi, babu laifi. Idan kuwa ya bar tunanin ya zauna, nan malamai suka saɓa kan ko aikin ya rushe ko niyyar farko ta tsirar da shi. Da na auna kaina, na ga ba don baƙi na yi kabbara ba, tunda dare goma sha biyu ina yi babu su. Amma ban kori tunanin ba, na biye masa raka'a bayan raka'a. Ke nan na faɗa cikin rukuni na uku, inda babu mai tabbatar mini da komai. Akwai kuma haƙƙin da na manta: tsofaffin da ke bayana sun tsaya ƙarin rabin awa da ciwon gwiwa, alhali an umarci liman ya sassauta saboda raunana. Su suka biya kuɗin adon da na yi.

Wani zai iya cewa ina tsananta wa kaina, ai kyautata karatu abu ne mai kyau, kuma jin daɗin yabo ɗabi'a ce. Gaskiya ne, har hadisin Abu Zarri a Sahihu Muslim ya kira yabon da ke biyo bayan aikin kirki bushara ta gaggawa ga mumini. Amma wannan yabo ne da ya zo wa wanda bai je nemansa ba. Hanyar bambancewa kuwa ita ce kwatanci. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo labarin mutumin da ya yi shekara talatin yana salla a sahun farko. Wata rana ya makara ya tsaya a sahu na biyu, sai ya ji kunyar mutane ta kama shi. A nan ya gane cewa duk shekarun nan yana jin daɗin a gan shi a gaba. Ranar da yanayi ya sauya ce ta tona masa abin da shekara talatin suka rufe. Ni ma haka: ban san akwai sallar baƙi da sallar 'yan gida a zuciyata ba sai da baƙin suka zo.

Washegari baƙin suna nan, ban kuma ajiye limanci ba. Na koma kan gajerun surorina, muka idar cikin minti ashirin da biyar. Ba zan ce na tsira ba, domin a tsakiyar Fatiha na kama kaina ina fatan malamin ya lura da taƙaitawar ya yaba da tawali'una. Na nemi tsari, na ci gaba da karatu. Da na koma gida na yi raka'a biyu da doguwar surar nan ta jiya, a ɗakin da babu mai cewa madalla, don in ga ko muryata za ta iya tausasa haka. Da ƙyar ta yi.